Ganda: Abin da Ke Cikinta da Abin da Babu

A kowace babbar kasuwa, kusa da layin mahauta, za ka tarar da robobi cike da ruwa, yankakkiyar fata tana ciki a nannaɗe, wata ja-ja kamar ƙasar tukunya, wata fara-fara. Mu ganda muke ce mata. Yarbawa suna cewa fwanmo, sunan da ya bi gidajen abinci har ya zagaye Najeriya, Inyamurai suna cewa kanda, a Ghana kuwa wele ce, wadda ake ɗorawa a kan shinkafa da waken nan nasu da suke kira wace, sunan da asalinsa daga bakin Hausawan zango ya fito. Ba mu kaɗai muke cin ta ba. A tsibirin Jawa na Indunusiya suna busar da fatar saniya ko ta ɓauna su soya ta har ta kumbura ta yi garas-garas, su kuma dafa ta da barkono da madarar kwakwa. A Jamaika miya ake yi da ita.

Duk da haka babu abincin da ake yi wa gori kamar ganda. Wani zai ce maka taunar banza ce, takalmi kake ci, ba ta da komai. Wani kuma, musamman 'yan shekarun nan, zai ce ai kolajin ce zalla, tana gyara fata tana warkar da gwiwa. Ni ina ganin duka biyun sun kauce. Ganda tana da furotin mai yawa, amma furotin ne mai giɓi. Illarta ga mai ƙaramin ƙarfi ba ta cikin abin da take ɗauke da shi, tana cikin abin da take korewa daga tukunya, da kuma irin wutar da aka babbaka ta da ita.

Mu fara da ita kanta fatar. Idan mahauci ya feɗe sa, fatar da ya cire takan kai wajen kashi 7 cikin 100 na nauyin dabbar tana raye, wato sa mai kilo 300 zai ba da ɗanyar fata ta wajen kilo 20. Hawa uku ce. Na sama siriri ne ƙwarai, shi ne mai gashi. Na ƙasa shi ne tantanin da ya haɗa fata da nama, mai ɗan kitse da ɓurɓushin tsoka da wuƙa ta bari. Na tsakiya shi ne mai kauri, kuma shi ne gandar. Saƙa ce ta zarurruka masu ƙarfi da suka shiga juna ta kowace fuska, kuma sunan abin da aka yi zarurrukan da shi kolajin. Shi ne dai abin da ke cikin jijiya da guringuntsi da ƙashi. Wannan hawa na tsakiya shi majemi yake jemewa ya miƙa wa baduku, shi kuma mai ganda yake dafawa. Kayan aikinsu ɗaya ne, hanyarsu ce ta rabu: majemi yana so ya ɗaure zarurrukan kada su taɓa narkewa ko ruɓewa, mai girki yana so ya kwance su.

Kaurin fatar ba ɗaya ba ne a jikin dabba. Ta kai da wuya da gadon baya ta fi kauri, ta ciki da hammata siririya ce, shi ya sa a tukunya ɗaya wani yanki ya yi lugub wani yana nan kamar igiya. Gandar kai ita ce masu sani suke nema, don takan zo da ɗan nama da kitse a manne, ta fi ɗanɗano, kuma kamar yadda za a gani a gaba ta fi amfani a jiki.

Hanyar cire gashi biyu ce, kuma daga nan launin yake fitowa. Ta farko ita ce ta ruwan zafi. A tsoma fatar a ruwan da ya yi zafi sosai, ko a kwarara mata shi, har saiwar gashin ta saki, sai a kankare da wuƙa ko reza. Abin da ya fito fari ne ko ruwan madara, ba shi da ƙamshin hayaƙi, kuma aikinsa ya fi cin lokaci. Ta biyu ita ce babbaka, wadda duk wanda ya taɓa yin layya ya san ta daga kai da ƙafa. A yanka fatar falle-falle, a ɗora a kan wuta, gashin ya ƙone, fatar ta tattare ta nannaɗe ta ƙara kauri. Wannan tattarewar ba ƙonewa ba ce. Zarurrukan kolajin suna tsukewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 65, shi ya sa fallen da aka shimfiɗa yake dawowa ɗan ƙarami mai kauri. Daga nan a jefa a ruwa, a kankare baƙin, a goge da soson ƙarfe har jan ya fito. Masu sana'ar sukan tafasa ta sama-sama, sannan su jiƙa ta a ruwa kwana ɗaya ko fiye har ta sha ruwa ta kumbura. Wannan ita ce jiƙaƙƙiyar da ke cikin roba. Busasshiyar kuwa an shanya ta ne bayan babbaka har ta yi tauri kamar katako, tana iya wata da watanni a ajiye, kuma ita ce ake lodawa a buhu a kai nesa. Yankin Ijebu a jihar Ogun ya yi suna wajen wannan aiki, alhali yawancin shanun da ƙirgin daga Arewa da ƙasashen maƙwabta suke gangarawa.

Idan ta iso gida, aikin bai ƙare ba. Busasshiya tana son jiƙo na dare guda aƙalla, wani lokaci kwana biyu, ana sauya ruwan safe da yamma don kada ya yi tsami. Bayan ta yi laushin da wuƙa za ta shiga, a buɗe naɗin a kankare cikin, domin a nan yashi da toka da ragowar gashi suke ɓuya, kuma ba abin da ke ɓata miya kamar ƙasa a haƙori. A tafasa ta a ruwa zalla na minti 10 zuwa 15, a zubar da wannan ruwan, a sake ɗauraye ta. Sai a dafa ta dahuwar gaske da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, a wuta matsakaiciya, awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon kaurinta da tsufan dabbar. Tukunya mai riƙe tururi tana rage wannan zuwa wajen rabin awa. Ganda ba ta da wani ɗanɗano nata na kirki, na abin da aka dafa ta a ciki take ɗauka, saboda haka wadda aka jefa a miya a ƙarshe ba tare da ta nuna a cikin kayan ƙamshi ba lami za ta fito.

Abin da ke faruwa a tukunyar shi ne zafi da ruwa suna warware zarurrukan kolajin su mayar da su jelatin, abu mai danƙo da ke narkewa a ruwan zafi. Shi ya sa romon ganda yake kama leɓe, kuma idan ya kwana a wuri mai sanyi sai a tarar ya daskare yana rawa, kamar romon ƙafar sa. Wasu suna jefa ɗan kanwa don ta yi saurin laushi. Tana yi, amma idan ta yi yawa bayan gandar yakan yi yauƙi cikin yana da tauri, kuma kanwa tana lalata wasu bitamin na abincin da aka haɗa, musamman bitamin B1. Idan dole ne, a sa ta a tafasar farko da za a zubar, kada a sa ta a miya.

Yanzu ga maganar da ake ta musu a kai. Masu ilimin jima sun daɗe da auna ɗanyar fatar saniya, kuma abin da suka samu shi ne kusan kashi 64 cikin 100 ruwa ne, wajen kashi 33 furotin, kitse wajen kashi 2, ragowar ɗan gishirin ma'adinai. Ɗanyar tsokar naman sa kuwa furotin ɗinta wajen kashi 20 ne. Saboda haka wanda ya ce ganda ba ta da komai bai duba awo ba. Gaskiya ne jiƙo yana ƙara mata ruwa, kuma mai sayarwa yana son ta kumbura don ta cika ido, amma ko bayan haka abin da ya rage idan aka cire ruwan kusan duk furotin ne. Kuma ciki yana narkar da ita idan ta dahu sosai.

Matsalar tana wajen irin furotin ɗin. Kowane furotin an gina shi ne da ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20. Jikinmu yana iya ƙera 11 da kansa, amma 9 dole sai daga abinci. Idan za a gina tsoka ko jini, ana bukatar taran nan duka a lokaci guda kuma a daidai gwargwado. Kamar mai ɗinki ne da aka ba yadi da yawa amma aka hana shi zare: yadin yana nan, riga ba za ta fito ba. A nama da ƙwai da madara, taran nan sun kai wajen kashi biyu cikin biyar na furotin ɗin. A kolajin ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kashi ɗaya cikin uku na tubalansa wani ne guda da ake kira gilaisin, wanda jiki yake iya yi da kansa. Mafi muni, ɗaya daga cikin taran, tiriftofan, babu shi sam a kolajin. Shi ya sa a ma'aunin da masana abinci suke auna ingancin furotin da shi, wanda yake duba tubalin da ya fi ƙaranci, ƙwai da madara suna can sama, jelatin kuwa sifiri yake samu. Daga wannan sifirin ne maganar "ba ta da komai" ta samo asali, sai dai an fahimce ta a karkace. Ma'anarta ita ce ganda ba za ta iya riƙe jiki ita kaɗai ba. Idan aka ci ta tare da abincin da ke da abin da ta rasa, jiki yana amfani da tubalanta, abin da ya yi saura kuma ya ƙone shi ya samu kuzari.

Wannan ba sabon sani ba ne, kuma an biya shi da tsada. A farkon ƙarni na 19 a Faransa an yi ta dafa ƙasusuwa ana fitar da jelatin ana ba marasa lafiya da matalauta a asibitocin Faris a madadin nama, da tunanin an samo abinci mai arha. Da ƙorafi ya yi yawa aka kafa kwamitin bincike, kuma rahotonsa na 1841, wanda likita François Magendie ya gabatar, ya nuna karnukan da aka tsare a kan jelatin kaɗai ba su rayu a kansa ba. Sai kuma a Amurka a 1976 da 1977, lokacin da aka yi yayin wani ruwan furotin na rage ƙiba wanda aka yi da kolajin ɗin fata da jijiyar dabbobi. Mutane suka bar abinci suka koma shan shi kaɗai na watanni, kuma an samu rahoton mutuwar gommai, da yawansu ta hanyar rikicewar bugun zuciya. Ba wanda yake cin ganda haka a nan, amma labarin yana nuna iyakar abin.

Akwai wani giɓin da ya fi wannan damuna, don shi ya fi taɓa gidajenmu. Abin da ya sa nama yake da daraja a jikin yaro da mai ciki ba furotin kaɗai ba ne. Jan nama yana da sinadarin ƙarfe irin wanda hanji yake saurin ɗauka, wajen miligiram 2 zuwa 3 a kowane giram 100, yana da zinki, yana da bitamin B12. Waɗannan suna zaune ne a tsoka da jini da hanta. Fata ba ta da tsoka, jininta kaɗan ne, kuma jiƙo da tafasa suna wanke ɗan abin da ke akwai. A ƙasar da ƙarancin jini ya yi katutu a tsakanin mata da ƙananan yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bari mu ɗauki tukunya guda mu bi ta. A ce gida ne mai mutum shida, uwar gida za ta yi tuwon masara miyar kuka, kuma kuɗin cefanen da ya rage ba zai kai ga naman da kowa zai gani a kwanonsa ba. Ta sayi busasshiyar ganda giram 200. Tun da shanya tana fitar da fiye da rabin nauyin fata, bayan jiƙo da dahuwa za ta koma wajen rabin kilo ko fiye. Ta yanka ta gida 18, kowa ya samu uku. Ido ya cika, baki ya samu abin taunawa, kuma ba na raina wannan, domin tuwon da aka ci da abin taunawa ya fi shiga. A lissafi, busasshiyar nan tana ɗauke da furotin wajen giram 160, wato kowa ya samu giram 25 ko fiye. Babban mutum mai kilo 60 yana bukatar wajen giram 50 a yini bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, don haka a takarda an samu rabi a zama ɗaya.

Amma duba abin da ke gefen miyar. Masara ita ma tiriftofan ɗinta kaɗan ne, sanannen rauninta ke nan. Wato an haɗa abinci biyu masu rami a wuri ɗaya, babu wanda ya rufa wa wani. Mutumin nan mai kilo 60 yana bukatar wajen miligiram 240 na tiriftofan a yini, kuma gandar ba ta ba shi ko ɗaya ba, sai ɗan abin da ya zo daga tuwon da daddawa da kuka. Ƙarfe da B12 kuwa kusan ba a yi maganarsu ba. Idan rana ɗaya ce, ba komai, gobe za a ci wani abu. Idan kuwa haka tukunyar take kwana biyar a mako, uwar gida tana ganin ta sa nama alhali jikin yaran bai ga nama ba.

Gyaran ba ya bukatar a fitar da ganda daga gidan. A raba kuɗin: rabi ganda, rabi wani abu mai cike ramin. Busasshen kifi ko ɗan daka na ƙananan kifaye da ake dakawa da ƙayarsu yana kawo tiriftofan da B12 da ƙarfe. Wake a cikin miyar kuka, kamar yadda iyayenmu suke daka shi su zuba, yana da furotin sama da giram 20 a kowane giram 100 na busasshe. Gyaɗa, agushi, daddawa mai yawa, ko ƙwai guda ga kowane yaro, wanda yake da giram 6 na furotin da ba ya da giɓi. Ko kuma a sayi gandar kai mai nama a jiki a maimakon fallen gadon baya. Idan ba za a iya wa kowa ba, abin kirkin ya tafi kwanon mai ciki da mai shayarwa da yaran da ke tasowa, gandar ta tafi kwanon manya. Sau da yawa a gidajenmu akasin haka ake yi. Yaro ƙarami ma ganda tana iya shaƙe shi, don ba ta wargajewa a baki kamar nama, saboda haka idan za a ba shi sai ta yi lugub an kuma yanka ta ƙanana.

Masu son rage ƙiba da masu ciwon sukari suna da hujja idan suka so ta. Ba ta da sitaci ko sukari, kitsenta kaɗan ne idan an kankare tantanin, giram 100 na dafaffiya bai wuce kalori 150 ba, kuma tana ɗaukar lokaci a baki. Sai dai cokalin miya ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma gandar da aka soya da attaruhu tana iyo a manja ta riga ta tashi daga wannan lissafin. Maganar gyaran fata da gwiwa kuwa, kolajin ɗin da aka ci ba ya tafiya kai tsaye ya zauna a fuska. Ciki yana farfasa shi kamar kowane furotin, jiki ya kai tubalan inda ya ga dama, kuma ba ya iya ƙera nasa kolajin ɗin sai da bitamin C, irin na lemo da gwaiba da tumatir. Binciken da ake ambata an yi shi ne a kan garin kolajin da aka sarrafa a masana'anta ake sha da awo kullum, ba a kan ganda a miya ba.

Saura maganar wuta, wadda a ganina ta fi duk abin da ya gabata gaggawa. Babbaka da itace ko kara ko gas abu ne da aka saba. Amma itace ya yi tsada, tsohuwar taya kuwa kusan kyauta ce, tana ci da ƙarfi, ba ta mutuwa da wuri. Shi ya sa a bayan mayanka da yawa za ka hangi baƙin hayaƙi ya miƙe sama tun da asuba, ana babbaka da taya da robobi da baƙin mai. Hayaƙin taya yana ɗauke da sinadaran da ke fitowa idan abu bai ƙone sarai ba, cikinsu har da benzofairin, wanda hukumar binciken sankara ta duniya ta sa a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Tayar kanta tana da zinki mai yawa da ɓurɓushin dalma da kadmiyom. Binciken da aka yi a Ghana da Najeriya ya sami ƙarin irin waɗannan ƙarafa a fatar da aka babbaka da taya idan aka gwada da wadda ba a yi wa haka ba. Kankara da wanki da zubar da ruwan farko suna ragewa, amma ba sa kawar da duka. Kuma kafin mai ci, akwai yaran da suke tsaye a cikin hayaƙin nan kullum da gidajen da ke maƙwabtaka.

Haɗari na biyu shi ne fatar da tun farko ba don ci aka tanade ta ba. Fatar da za ta je majema ana barbaɗa mata gishiri da magungunan hana ruɓa da kashe ƙwari, a masana'anta kuma a jiƙa ta a farar ƙasa da sinadarin zubar da gashi, daga baya a jeme ta da gishirin kuromiyom wanda yake mayar da ita shuɗi-shuɗi. A 2019 hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi cewa ana shigo da fatun masana'anta daga waje ana sayar da su a matsayin ganda. Ga kuma fatar dabbar da ta mutu da kanta. Naman mushe yana da wuyar ɓoyewa, amma fata da zarar an babbaka ta ba ta ba da labari. Ga Musulmi wannan haram ce tun kafin a zo maganar lafiya. Ta fuskar lafiya kuwa, abin tsoro shi ne ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks: ƙwayarsa tana shiga wani ƙoƙo mai tauri ta zauna a busasshiyar fata da ƙasa shekaru da yawa, kuma tafasa ta ɗan lokaci ba ta isa a dogara da ita ba. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai fiɗa da mai ɗaukar ƙirgi. A watan Yunin 2023, bayan ɓullar cutar a arewacin Ghana, ma'aikatar gona ta tarayya ta gargaɗi mutane su dakata da cin ganda, kuma a watan Yuli aka tabbatar da cutar a wata gona a yankin Suleja.

To yaya mai saye zai gane? Hanci ne na farko. Gandar itace tana ƙamshin hayaƙi irin na kan rago, ta taya tana warin roba ko kananzir, kuma warin yana ƙara fitowa idan ta shiga ruwan zafi. A murza ta da yatsa: baƙin itace toka ne mai fita da ruwa, na taya yana da maiƙo yana manne wa hannu. A duba ruwan robar, idan ya yi kauri yana kumfa, ko gandar tana santsi tana warin fitsari, ta fara ruɓa, domin jiƙaƙƙiya ɗanyen abu ne da ya wuni a rana. A sa a yanka a duba cikin: ya kamata ya zama fari-fari ko ruwan zuma, ba shuɗi ko kore ba. Wadda aka dafa awa biyu ta ƙi laushi sam abin zargi ce, tun da aikin jima ke nan, hana fata narkewa. A guji mai tabon gyambo ko ƙuraje irin na kirci, da wadda kaurinta da arharta suka wuce hankali. Amma ido da hanci suna da iyaka: ba sa ganin dalma, ba sa ganin ƙwayar saifa, ba sa sanin ko an yanka dabbar. Abin da ya fi tabbas shi ne a sayi ɗanyar fata ko kai daga mahaucin da aka sani a mayankar da likitan dabbobi yake dubawa, a babbaka a gida ko a tsaya a kai a ga wutar. Idan ba hali, farar da aka kankare da ruwan zafi ta kuɓuta daga matsalar taya, ko da yake ba ta faɗin asalin dabbar.

Lokaci-lokaci maganar hana cin ganda takan taso. A 2022 shugaban cibiyar nazarin fata ta ƙasa da ke Zariya ya ce suna neman a yi dokar hanawa don a ceto masana'antun jima, yana mai cewa ba ta da amfani a jiki. Kukan majema gaskiya ne: mai ganda yana biyan kuɗin da majemi ba ya iya biya, don shi ba ruwansa da tabon wuƙa ko lalas ko cizon kaska, waɗanda suke karya darajar fata a wajen jima. Shi ya sa masana'antun Kano na Sharaɗa da Challawa suka fi dogara da fatar akuya da tumaki. Sai dai hujjar rashin amfani ba ta tsaya daidai ba, kuma hani zai tura sana'ar ne bayan gari inda ba mai dubawa. Abin da hukuma za ta iya yi gobe da safe shi ne ta fitar da taya daga mayanka, ta kafa wurin babbaka da gas da ruwan famfo mai gudu, ta kuma tabbatar duk fatar da za ta shiga tukunya ta fito ne daga dabbar da likita ya duba kafin yanka da bayan yanka.